Ƙullutun Kafaɗa: Ɓarnar da Hanga Ke Yi wa Rigar Sanyi

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, sai a shiga buɗe sif ana neman suwaitar bara. Sau da yawa wadda za a ciro ba ita ce aka ajiye ba. Kala dai nata ne, babu yaga, asu ma bai taɓa ta ba, amma a kowace kafaɗa ga wani ƙullutu ya taso, ƙanƙane, tsaye cur a inda babu ƙashin da zai cika shi. Wuya ya saki ya yi faɗi. Gindin rigar da a da yake tsayawa a ƙugu yanzu ya sauko ya rufe aljihun wando, hannuwa kuma sun zarce har sun haɗiye rabin tafin hannu.

Mai wanki ne yakan fara shan zargi, daga shi sai ɗan gwanjon da ya sayar da ita. Alhali a mafi yawan lokuta mai laifin yana nan cikin sif ɗin, siririn ƙarfe mai ƙugiya a ka. Sanyin ƙasar Hausa wata uku ne zuwa huɗu, don haka suwaitar da aka rataye a ƙarshen Fabrairu za ta yi wata takwas ko tara tana lilo da nauyinta kafin wani ya sake waiwayarta. A tsawon wannan lokaci ba ta huta ko na minti ɗaya ba.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, a kan irin wannan hanga ɗin kaftani na shadda zai shekara bai canja ba. Dalilin yana cikin yadda aka haɗa zaren tufafin biyu. Shadda da atamfa da yadin ɗinki duk saƙar masaƙa ce, ko da inji ne ya yi ta: zare a miƙe tsaye, wani zaren yana ratsa shi a kwance, sama da ƙasa, kamar yadda masaƙan gargajiya ke jefa abawa tsakanin zaren da suka ja. Tun da zaren a miƙe yake tun farko, idan aka ja shi babu inda zai ƙara zuwa, sai dai ya tsinke. Suwaita kuwa saƙar allura ce. Zare ɗaya ne ake lanƙwasawa ya zama ido, a zura wani idon a cikinsa, a sake zura wani, layi bisa layi, har rigar ta kammala. Kowane ido yana rataye ne a wuyan na samansa, kuma kowanne yana ɗauke da rarar zare a cikin lanƙwasarsa. Wannan rara ita ce ke sa suwaita ta buɗe kai ya shige, ta kuma koma ta kama jiki. Tun daga shekarar 1589, lokacin da William Lee na ƙauyen Calverton a Ingila ya ƙera injin saƙa safa, injuna ke yin wannan aiki, amma tsarin idon bai canja ba. Idan mutum ya kusanto da tishat ɗinsa ga ido zai ga ƙananan layuka masu kama da harafin V a jere, irin na suwaita sak, sai dai sirara.

Wanda ya taɓa ɗaga komar masunta ya ga abin da ke faruwa: a ja ta ta tsawo, idanunta su miƙe su tsuke, komar ta ƙara tsawo ta rage faɗi. Haka suwaita take yi a kan hanga. Idon da ke gindin riga ba ya ɗauke da komai sai kansa. Na tsakiya yana ɗauke da rabin rigar. Na kafaɗa kuwa duk abin da ke ƙasa a wuyansa yake. Shi ya sa ɓarnar take taruwa a sama, kuma shi ya sa rigar da ta daɗe a rataye takan yi tsawo ta kuma matse a ƙirji a lokaci guda, har mai ita ya ɗauka ƙiba ya yi.

Da a ce zare yana komawa daidai duk lokacin da aka sake shi, da matsalar ta zo da sauƙi. To amma zaren tufafi yana da wata ɗabi'a: idan aka ɗora masa nauyi, ko da ɗan kaɗan ne, aka bar shi a haka, yakan ci gaba da miƙewa sannu a hankali, kwana bayan kwana, kuma wani kaso na wannan miƙewa ba ya komawa da kansa. Ja mai ƙarfi na daƙiƙa biyu, irin na lokacin sa riga, ba ya yin illar da ja mai sauƙi na wata shida yake yi. Yau da gobe ba ta bar komai ba, har zaren suwaita.

Ita kanta hangar waya ba don irin wannan tufa aka yi ta ba. An fi danganta ƙirƙirarta ga Albert Parkhouse, ma'aikacin wani kamfanin sarrafa waya a garin Jackson na jihar Michigan a Amurka, wanda a 1903 ya lanƙwasa waya ya samar da abin rataye kwat. Kwat kuwa yadin masaƙa ne, da shafi a ciki, galibi da soso a kafaɗa, wato an gina mata abin da zai ɗauki nauyinta. Suwaita ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A ɗauki misalin suwaitar auduga ta namiji, mai matsakaicin kauri, nauyinta giram 600. Idan aka shimfiɗa ta aka auna daga ɗinkin kafaɗar dama zuwa na hagu, santimita 40 ne. Hangar manya da aka fi samu a kasuwa tana kai santimita 42 zuwa 45, a ce wannan 44 ce. Ke nan kowane gefe na hangar ya wuce ɗinkin kafaɗa da santimita 2, ya shiga cikin saman hannun riga. Wannan wuri ne mafi rauni, domin ɗinkin kafaɗa shi ne kaɗai abu mai ɗan tauri a yankin, kuma bakin hangar ya tsallake shi ya je ya tokare saƙa tsagwaronta. Hannuwa biyu na suwaita sukan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, don haka kimanin giram 100 ne yake reto daga kowane baki, a kan idanun saƙa da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Idanun da ke kan bakin ƙarfen sai su buɗe, su jawo zare daga maƙwabtansu, su yi lulluɓi a kan bakin. Wannan lulluɓin shi ne ƙullutun da ake gani idan an cire hangar.

Kaurin hangar ma yana da nasa lissafin. Waya mai kaurin milimita 3 da tsawon santimita 44 ba ta ba rigar wurin zama fiye da murabba'in santimita 13 ba. A raba giram 600 a kan wannan, kowane murabba'in santimita yana ɗauke da kusan giram 46. Hangar katako mai faɗin kafaɗa santimita 4 tana ba da murabba'in santimita 176, nauyin ya sauko ƙasa da giram 4 a kowanne. Bambancin ya haura ninki goma. Wannan ne ya sa masu shagunan kaya masu tsada suke amfani da faffaɗar hanga mai zagayayyen baki ko mai soso. Sai dai a lura, faffaɗar hanga kafaɗa kawai take ceto. Nauyin jikin rigar yana nan yana ja ƙasa, tsawon zai ci gaba da ƙaruwa ko da ƙullutu bai fito ba.

Idan hangar ta yi wa rigar kaɗan, misali ta yara a cikin suwaitar babba, ƙullutun yakan fito ne tsakanin wuya da ɗinkin kafaɗa, ɗinkin kuma ya zube ƙasa ba abin da ya tallafe shi. Akwai kuma ɗinkunan da babu hangar da za ta dace da su. Suwaita mai zubabbiyar kafaɗa, wadda ɗinkinta yake can a kan dantse, kullum bakin hanga a kan saƙa zalla zai sauka. Haka wadda ɗinkin hannunta ya taso daga hammata ya nufi wuya a karkace, ba ta da ɗinki a saman kafaɗa sam. Ita kuma wadda aka saƙa da hannu tun daga wuya har ƙasa ba tare da ɗinki ko ɗaya ba, irin da mata masu saƙa ke yi wa yara, ta fi kowacce saurin miƙewa. Wuya yana da tasa hanyar lalacewa dabam: yawancin mutane ta wuya suke cusa hanga, su ja shi har ya buɗe ta shige. A yi haka sau talatin, robar saƙar wuyan ta gaji ta daina komawa. Ƙusar bango da bayan ƙofa sun fi duka muni, domin duk giram 600 ɗin a wuri ɗaya yake taruwa, ƙullutun kuma ya fito a tsakiyar baya, ƙasan ƙeya.

Ba kowane zare ne yake jure wannan wahala daidai da ɗan'uwansa ba, kuma a nan ne ɗan ƙyallen da ke liƙe a cikin riga yake da amfani. Gashin tumaki na gaske a murɗe yake tun daga jikin dabbar, kowane sili yana da lanƙwasa ta halitta, don haka idan aka ja shi aka saki yana da ƙarfin komawa. Shi ne ya fi yafiya. Auduga ba ta da wannan murɗa, silinta ba ya miƙewa sosai, kuma idan saƙarta ta buɗe ba ta da abin da zai mayar da ita sai an jiƙa ta. Ga ta da nauyi: suwaitar auduga ta fi ta gashin tumaki mai girma ɗaya nauyi. Mutane da yawa suna ɗauka auduga ce mai ƙarfi, gashi ne mai laulayi, amma a kan hanga labarin juye yake. Biskos, wanda ake yi daga ɓargon itace, mai santsi da sheƙi da ake yawan gani a rigunan saƙa na mata, ya fi auduga rauni a wannan fage, kuma idan ya jiƙe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Siliki da gashin alfaka su ma suna da santsi, idanunsu na zamewa cikin juna, rigar ta yi ta tsawo.

Sai akirilik, zaren roba da kamfanin DuPont ya fara fitarwa kasuwa a 1950 da sunan Orlon. Mafi yawan ƙwallon zaren da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwanninmu shi ne, haka ma suwaitar makaranta ta yara da yawancin masu araha. Ba shi da nauyi, don haka hanga ba ta saurin cin masa. Abokin gabarsa zafi ne. Idan akirilik ya miƙe yana cikin zafi, ya huce a haka, ya zauna ke nan har abada. Suwaitar akirilik da aka rataye a rana tsaka, ko aka ɗora wa dutsen guga mai zafi tana a miƙe, ba ta da magani.

Duk abin da aka faɗa a kan busasshiyar riga ne. Jiƙaƙƙiya kuwa lamarinta ya fi haka tsanani, kuma a nan ne mafi yawan suwaitu suke gamuwa da ajalinsu. Waccan suwaita mai giram 600, idan aka wanke ta da hannu aka ɗan matse, tana iya kai kilo ɗaya da rabi. Ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya, gangarowa yake yi ya taru a gindi da bakin hannuwa, wato can ƙarshen inda zai fi jan kafaɗa. A daidai wannan lokacin kuma zaren ya yi laushi. A cikin silin gashin tumaki da na auduga akwai wasu ƙananan mahaɗai da ruwa ke kwancewa, idan ruwan ya bushe su sake ƙulluwa a duk yanayin da suka sami kansu. Rigar da ta bushe a kan hanga ta ƙulle ne da siffar hangar. Awa shida na shanya a rataye suna iya yin abin da wata shida a sif ba su yi ba. Igiyar shanya da maƙalai ma haka ne: a maƙale ta kafaɗa a sami ƙullutu biyu, a maƙale ta gindi a sami gindi mai fuka-fuki.

Masu yin tufafi sun san da wannan, shi ya sa suke sa alama. A kan ƙyallen bayanin wanki, murabba'i yana nufin shanya. Idan akwai layi ɗaya a kwance a cikinsa, ana nufin a shimfiɗa rigar ta bushe a kwance. Idan layin a tsaye yake, an yarda a rataye. A tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan, inda saƙa suwaita sana'a ce ta gado, akwai wani firam na katako mai siffar riga da hannuwa a miƙe, wanda suke zura wa suwaita bayan wanki. Firam ɗin yana tallafe ta daga bakin hannu zuwa bakin hannu, ta bushe a kan girman da ake so. Sun fahimci cewa siffar da riga ta bushe da ita, ita za ta riƙe.

Wannan ɗabi'a ta ruwa ita ce kuma hanyar gyara, kuma abin farin ciki ne cewa yawancin ƙullutun kafaɗa suna warkewa. A koma ga suwaitar audugar nan da ta kwana tara a wata a kan waya. Idan ƙullutun ne kawai, ba sai an wanke ta duka ba. A shimfiɗa ta a kan tawul, a jiƙa wurin sosai da ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda hannu ba ya jin zafinsa, har ruwan ya ratsa zaren, ba yayyafi a sama kawai ba. Sannan a sa yatsu a riƙa tattaro saƙar daga gefe zuwa tsakiya, ana dannawa a hankali, har idanun da suka buɗe su yi daidai da na kusa da su. A bar ta a nan ta bushe sarai kafin a ɗaga. Kada a cuɗa, musamman idan gashin tumaki ne, domin cuɗa da ruwan zafi suna sa silin gashi su sarƙe su dunƙule, kuma wannan ba ya kwancewa.

Idan tsawon ma ya ƙaru, sai an jiƙa ta gaba ɗaya. A bar ta cikin ruwa kamar minti 15 zuwa 20, a ɗago ta da hannu biyu a dunƙule, kada a kamo kafaɗa a ja sama ruwa na zuba. A danne ruwan ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa ta kan busasshen tawul, a naɗe su tare kamar tabarma, a danna da gwiwa. Tawul ɗin zai shanye mafi yawan ruwan. Daga nan a mayar da ita kan wani busasshen tawul a inuwa, a ɗauko tef ɗin tela. Idan asalin tsawonta daga kafaɗa zuwa gindi santimita 66 ne, yanzu ta zama 71, sai a riƙa turo jikin sama da tafin hannu, ana buɗe faɗin ƙirji a lokaci guda, domin tsawon da ta ƙara daga faɗin ta ciro shi. A daidaita hannuwan biyu su zama tsawo ɗaya, a tattara wuya ya koma da'ira. Wanda bai san asalin awon ba sai ya ɗora wata rigar da ta yi masa daidai ya kwatanta. Mai dabara kuwa tun ranar da ya sayi suwaita yake shimfiɗa ta kan kwali ya zana gefenta da biro, ya ajiye kwalin don ranar wanki. A busasshiyar iskar hunturu shanya a kwance ba ta daɗewa, sai dai a juya rigar sau ɗaya, a kuma yi ta a ɗaki ko a rumfa saboda ƙura.

Tururi ma yana aiki a kan gashin tumaki da auduga, idan aka riƙe dutsen guga sama da rigar da ɗan tazara ba tare da ya taɓa ta ba. Ga akirilik kuwa gara a haƙura da shi, a tsaya ga wanki da shanya a kwance. Dutsen gawayi, da ba a iya saita zafinsa, bai kamata ya kusanci akirilik ba ko kaɗan. Ana gane wanda zafi ya riga ya kashe: wurin yakan yi sheƙi, ya yi laɓo-laɓo, idan an ja shi ba ya komawa. Haka nan idan aka ɗaga kafaɗar riga ga haske aka ga zaren wurin ya sirance ko wani sili ya tsinke, ruwa ba zai gyara ba, sai allura. Tsohuwar waya mai tsatsa tana ƙara nata, ta bar jan tabo a daidai ƙullutun.

Ninkewa ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Babbar riga mai aiki, bayan ta dawo daga wurin masu bugu, a ninke take shiga adaka, ba wanda yake tunanin rataye ta. Suwaita ma abin da take so ke nan, domin a kwance kowane ido kansa kawai yake ɗauka. A kifa ta a kan gado, a ninko gefen dama zuwa tsakiyar baya, a kwantar da hannun a tsaye, a yi haka ga hagu, sannan a ɗago gindi zuwa wuya sau ɗaya. Mai kauri sosai ba ta son ninki da yawa, ya isa a haɗe hannuwan a baya a ninka biyu.

Ninki ma yana da iyakarsa, kuma gaskiya ce a faɗe ta. Idan aka jibga suwaita goma a kan juna, ta ƙasa takan danne, kitson saƙarta ya kwanta, layin ninki ya zauna. Uku zuwa huɗu sun isa tsibi ɗaya, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Abin da aka ninke aka tura lungu kuma shi ne abincin asu, wanda ke son duhu da wurin da ba a motsawa, kuma ya fi zuwa inda akwai gumi ko ɗigon miya. Saboda haka a wanke riga, ta bushe ƙarau, kafin a yi mata ajiyar bazara da damina. Jakar yadin auduga ko tsohuwar rigar matashi ta fi leda, domin leda tana riƙe laima, damina ta zo fumfuna ta kama. Game da ƙwallon kafur da ake jefawa cikin akwati, a nisanta shi da kayan jarirai: sinadarin naftalin da ke cikin irinsa da yawa yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ga yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, abin da ba baƙo ba ne a Najeriya, kuma yana iya jawo shawara mai tsanani ga jariri.

To wanda ba shi da durowa ko kanta fa, sai sandar sif kawai? Akwai hanyar rataya da ba ta taɓa kafaɗa. A ninka suwaitar biyu ta tsawo, hannu a kan hannu, yadda jiki da hannuwan za su yi kusurwa a hammata. A kwantar da hangar a kai, ƙugiyarta tana leƙowa daga daidai hammatar. A ninko hannuwan bisa kafaɗar hanga ɗaya, a ninko jikin bisa ɗayar. Idan hangar tana da sanda a ƙasa, a zura su ta bayanta don kada su zame. Yanzu nauyin ya rabu biyu, tsawon da ke reto ya ragu da rabi, kuma saƙa ninki biyu ce take zaune a kan hangar. Mafi sauƙi ma, a ninke ta yadda aka saba a ɗora a kan sandar ƙasa kamar wando, in dai sandar tana da kauri. Idan waya ce, a naɗa mata kwali ko tsohon tawul.

Ba duk kayan saƙar allura ne aka hana wa hanga ba. Tishat mai giram 150 zuwa 200 ba ta da nauyin da zai yi mata illa da wuri, kuma masu kyau daga cikinsu suna da wani siririn ƙyalle da aka bi ɗinkin kafaɗa da bayan wuya da shi, musamman don ya hana miƙewa. A juya riga a duba, ana ganinsa. Jesin ƙwallo na foliyesta ba ya shan ruwa sosai, ba shi da nauyi, yana jure rataya. Folo mai matsattsiyar saƙa ma haka, muddin hangar ta ƙare daidai kan ɗinkin kafaɗa, an kuma shigar da ita ta gindi ko an ɓalle maɓallan wuya. Abin dubawa shi ne nauyi da sakin saƙa: idan aka riƙe riga ta kafaɗu aka ga idanun sama suna buɗewa, haske na ratsawa, wannan ba ta hanga ba ce. Doguwar rigar saƙa ta mata, mai kaiwa gwiwa ko idon sawu, ta fi kowacce shiga haɗari, domin tsawonta duka nauyi ne. Siraran igiyoyin da ake gani a cikin kafaɗun wasu riguna an sa su ne a maƙala a wuyan hanga su rage wa kafaɗa kaya, amma mutane da yawa almakashi suke sa musu tun ranar farko.

Wannan sani yana da amfani tun a wurin saye. A layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai a Kano ko kasuwar Katako a Jos, suwaita takan fito daga dila a cukurkuɗe, sai a rataye ta a waya, a rana, don mai wucewa ya gani, wani lokaci har makonni. Mai saye ya sa a sauko da ita, ya shimfiɗa a kan tebur ya duba kafaɗun, ya haɗa hannuwan biyu ya ga ko tsawonsu ɗaya, ya ja bakin wuya kaɗan ya saki ya ga ko zai koma. Sannan ya nemi ƙyallen ciki. Idan gashin tumaki ne ko auduga, kuma zaren bai sirance ba, ƙullutun ba abin tsoro ba ne, dalili ne na neman ragi, jiƙo ɗaya da shanya a kwance za su gyara shi. Idan akirilik ne kuma kafaɗar tana sheƙi ta saki, gara ya mayar ya zaɓi wata daga tsibin da ke ƙasa, wadda ba a kai ga ratayewa ba.